Larabci Ba Wasali

Tambaya: Na ga علم a rubutun Larabci babu wasali ko ɗaya. Yaya mai fassara ke sanin karatunta?

Baƙaƙen nan uku suna iya zama "alima" (ya sani), "ulima" (an sani), "ilm" (ilimi), ko "alam" (tuta). Idan ba a rubuta shadda ba ma, "allama" (ya koyar) tana ciki.

Maƙwabtan kalmar ke raba gardama. Ɗauki علم الولد الدرس. Bayan kalmar akwai yaro, sannan darasi, don haka aikatau ce, tuta ta fita. Amma saura karatu fiye da ɗaya, kamar waɗannan biyu: ko "yaro ya san darasi", ko "ya koya wa yaro darasi". Nahawu ya amince da dukansu. Nan sai ka koma jimlar baya. In an ambaci malami, ta biyun ce. Ni dai ba na yanke hukunci sai na karanta sakin layin duka.