An yanke mini kashi 10 a biyan farko, yaushe kuɗin zai dawo?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu kwangilar gini ta miliyan 60, karo na farko da nake aiki da takardar yarjejeniya. Injiniya ya amince da aikin miliyan 12, amma miliyan 10.8 aka biya ni, wai sauran ritenshan ne. Takardar ta ce kashi 10, a wani layin kuma ta ce iyakarsa kashi 5. Wanne ne daidai, kuma yaushe zan ga kuɗina?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dukansu biyun daidai ne, kuma ba a cuce ka ba a wannan biyan. Kashi 10 shi ne abin da ake cirewa a kowane biya, kashi 5 kuwa shi ne inda cirewar za ta tsaya. Kashi 5 na miliyan 60 miliyan 3 ne, don haka ranar da abin da aka riƙe maka ya kai miliyan 3, ba a sake taɓa maka komai. Ka riƙe wannan adadin da kyau, domin nan ne na ga mutane da yawa sun bar kuɗinsu a hannun mai aiki ba su sani ba.

Abin da ya kamata ka fara sabawa da shi shi ne yadda ake lissafin satifiket, wato takardar da injiniya ke bayarwa ta amincewa da aikin da aka yi don a biya ka. Ba aikin da ka yi a wannan watan kaɗai ake aunawa ba. Duk lokacin da aka zo awo, ana auna dukan aikin da ke tsaye tun daga ranar farko, a cire kuɗin riƙo, wato ritenshan ɗin, a kan jimillar, sannan a cire abin da aka riga aka biya ka. Abin da ya rage shi ne naka na wannan karon. Da farko na ɗauka wahalar da kai ce kawai, sai daga baya na gane amfaninsa: idan an yi kuskure a watan jiya, an ƙara maka ko an rage maka, awon wannan watan zai gyara shi da kansa.

Mu bi naka. Satifiket na farko ka riga ka gani, an riƙe miliyan 1.2. A ce zuwa na biyu ka zuba dekin, bulo ya tashi, jimillar aiki ta kai miliyan 27. Kashi 10 nasa miliyan 2.7 ne, saura 24.3. A cire 10.8 da ka karɓa, za a ba ka miliyan 13.5. Har yanzu ba a kai iyaka ba.

A na uku ne za ka buɗe ido. A ce an yi rufi, an fara fulasta, jimilla ta kai miliyan 42. Wanda ya saba danna kashi 10 zai rubuta miliyan 4.2, ya ba ka 13.5 kamar na baya, kai ma ba za ka ga wani abin mamaki ba tunda adadin ya yi kama da wanda ka saba gani. Amma tun lokacin da aiki ya kai miliyan 30 riƙon ya cika. Miliyan 3 kawai za a cire daga 42, saura 39, a cire 24.3 da aka biya a baya, haƙƙinka miliyan 14.7 ne. Bambancin miliyan 1.2 ne a satifiket ɗaya. Idan ba ka yi magana ba har ƙarshe, miliyan 6 za a riƙe maka maimakon 3. Galibi ba mugunta ba ce, akawu ne ya kwafi lissafin watan jiya. Shi ya sa nake rubuta nawa lissafin in haɗa da takardar neman biya, da layi guda da ke cewa riƙo ya kai iyakarsa, da lambar sakin layin yarjejeniyar da ya faɗi haka.

Idan an ba ka kuɗin kafin alƙalami, kada ka haɗa shi da wannan. Wancan bashi ne ka ci, ana zare shi a hankali har ya ƙare, ba ya dawowa. Kuɗin riƙo kuwa naka ne, ka yi aikinsa, ajiye shi aka yi don ya zama jingina idan aikin ya nuna matsala. Layi biyu ne daban a satifiket, ka tabbata an raba su.

To, batun yaushe. A yawancin yarjejeniyoyi gida biyu ake sakinsa. A tsarin FIDIC na 1999, wato samfurin yarjejeniyar gini na ƙasa da ƙasa wanda ake yawan kwafa, sakin layi na 14.9 ya ce rabin farko yana fita idan aka ba da satifiket na karɓar aiki, rabi na biyu kuma bayan wa'adin lura da lahani ya ƙare. Wa'adin nan wani wuri wata 6 ne, wani wuri wata 12, naka yana rubuce a takardarka. A lissafinka, ranar da ka kammala za ka kasance ka karɓi miliyan 57, sai 1.5 ta biyo bayan miƙa aiki, sai 1.5 ta ƙarshe bayan wa'adin.

Ka lura ban ce idan ka gama aiki ba. Satifiket na ce. Wannan bambancin ne ya taɓa cina, kuma shi ya sa na tsaya na rubuta wannan dogon bayani.

Na taɓa gina wa wani kamfani ofis mai hawa ɗaya. Muna cikin fenti na ƙarshe suka matsu, hayar inda suke ta ƙare. Manajan ya ce in ba su makullin ƙasa su fara shigo da kaya, takarda za ta biyo baya. Mutumin kirki ne, muna mutunci, na miƙa. Cikin mako biyu sun cika ginin har sama. Ni kuma na kwashe ma'aikata na tafi wani aikin, ina ƙirga wata 12 a raina daga ranar da na ba da makulli. Da shekara ta zagayo na rubuta neman kuɗina gaba ɗaya, sai aka ce in kawo satifiket na karɓar aiki. Babu. Manajan ya bar wurin, injiniyan da ya duba aikin an gama da shi. A wurinsu wa'adin bai ma fara ba, balle ya ƙare.

Aka sa ranar zagayawa. Wani sabon jami'i ya riƙe littafi muna bin ɗaki ɗaki. Ya nuna tayil uku da suka fashe a bakin ƙofa, inda kowa ke iya ganin sawun jan kabad na ƙarfe. Ya nuna bangon da aka fasa aka sa na'urar sanyaya ɗaki, ruwa na bin fentin. Ya nuna hannun ƙofa da ya karye. Duk ya rubuta a kaina. A cikin jerin abu ɗaya ne na san tabbas laifina ne, wani yoyo a banɗakin sama inda mai famfo bai ɗaure mahaɗar bututu da kyau ba, har silin ɗin ƙasa ya yi tabo. Sauran amfani ne da ɓarnar masu zama. Amma da me zan nuna cewa lafiya na bar su? Ba hoto, ba jerin gyara mai sa hannu, ba kwanan wata. Na gyara abin da ba ni na ɓata ba, aka ba ni rabin farko, sannan na sake jira. Wasu yarjejeniyoyin, har da FIDIC, suna ɗaukar shigar mai aiki cikin gini a matsayin ya karɓa, amma ko a nan sai ka iya nuna ranar da ya shiga, ni kuwa ko wasiƙa guda ban rubuta ba.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Idan aiki ya kusa, ina rubuta wa injiniya cewa ginin zai kammala rana kaza, a zo a duba. Ranar dubawa muna zagayawa tare, a rubuta duk ƙananan abubuwan da suka rage, fentin da bai kama ba, tagar da ke cijewa, soket ɗin da ba wuta, kowa ya sa hannu. Irin waɗannan ba sa hana a karɓi aiki muddin ana iya amfani da ginin, sai dai a sa ranar da za ka gama su. Ina ɗaukar hoton kowane ɗaki a ranar. Makulli kuwa ba ya barin aljihuna sai satifiket mai kwanan wata ya shigo hannuna. Idan sun matsu da wani ɓangare, a rubuta karɓar wannan ɓangaren shi kaɗai. Wasu suna ganin taurin kai ne, ni dai na gwada ɗaya hanyar na ga inda ta kai ni.

A cikin wa'adin, duk kiran da aka yi maka ka je, ko da kana ganin ba naka ba ne. Dalili shi ne yawancin yarjejeniyoyi sun ba mai aiki dama, idan ya sanar da kai ka ƙi zuwa, ya ɗauko wani ya gyara ya cire kuɗin daga abin da ya riƙe, kuma ba kai za ka yi cinikin ba. Idan ka je ka ga lahani daga aikinka ne ko kayan da ka sa, ka gyara, a sa maka hannu. Idan ɓarna ce ko canjin da suka yi da kansu, ka faɗa a rubuce a ranar. Saura wata ɗaya wa'adi ya cika, kai za ka nemi a zo duba na ƙarshe. Ban taɓa ganin mai aikin da ya kira ɗan kwangila don tuna masa da kuɗin riƙo ba.

Abu biyu kuma a gurguje. Kada ka sa miliyan 3 ɗin nan cikin kuɗin da za ka ƙarasa aiki da shi. Mai siminti da mai rodi ba za su yarda ka riƙe musu kashi 10 ba, lebura ma haka, saboda haka riƙon daga ribarka yake fita, kuma a watannin farko ne ya fi ciwo, lokacin da ake cire cikakken kashi 10 kana kuma sayen kaya masu nauyi. Idan za ka ba wani ƙaramin ɗan kwangila rufi ko wayarin, ku rubuta tun farko ko za ka riƙe masa, nawa, da ranar saki, kada ka bari sai ranar biya ya ji.

Na biyu, kuɗin yana zaune ne a asusun mai aiki, idan ya durƙushe kana cikin layin masu bin bashi kamar kowa. Haka ta faru da ƙananan 'yan kwangila da dama lokacin da kamfanin Carillion na Birtaniya ya rushe a watan Janairun 2018 da kuɗin riƙonsu a hannunsa. Shi ya sa wasu ke neman a ajiye kuɗin a asusu na daban, ko su kawo takardar lamuni daga banki a sakar musu kuɗin, mai aiki ya riƙe takardar a madadinsa. Banki yana cajin wannan, kuma sai mai aiki ya yarda. Tunda ka riga ka sa hannu, ka duba ko takardarka ta buɗe wannan ƙofar. Ka duba kuma ko iyakar kashi 5 ɗin a kan kuɗin kwangila na asali take ko tana tashi idan an ƙara aiki, domin idan ƙarin aiki ya kai kwangilar miliyan 66, iyakar za ta iya komawa miliyan 3.3.