Farin Layin da Ba Zubar Jini Ba Ne

"Malam, jiya da aka kawo dattijon nan wanda ɓarinsa na dama ya shanye awa uku kafin zuwansa, na ga wani farin layi a hoton siti sikan na kansa, na ce jini ne ya zuba, kai kuma ka ce jijiya ce ta toshe. Ba an ce mana fari jini ne, baƙi toshewa ba?"

Ƙa'idar da aka koya maka daidai take, amma rabin aikin ce kawai. Idan ba a yi wa majiyyaci allurar rini ba, hasken kowane wuri a hoton yana bin kaurin abin da ke wurin, kuma na'urar tana auna shi da ma'aunin da ake kira HU, wanda lambarsa ke hawa gwargwadon farin wurin. Ruwa yana kan 0, naman cikin ƙwaƙwalwa wajen 30, ɓawonta tsakanin 35 da 40. Sabon jinin da ya zuba ya daskare yakan kai 50 zuwa 80, shi ya sa yake fitowa fari tas tun daga farko. Toshewa kuwa ba ta saurin nuna kanta, domin naman da jini ya daina isa gare shi a hankali yake tsotsar ruwa, kuma ƙarin kashi 1 cikin 100 na ruwa bai wuce ya rage HU 2 zuwa 3 ba. Saboda haka a awoyi shida na farko hoton yana iya fitowa kamar na mai lafiya, alhali ɓarnar tana gudana.

Yanzu koma kan dattijon. Na ɗora ROI, wato ɗan da'irar da muke zanawa a allo don auna HU na wuri, a kan layin, ya ba ni 52, takwaransa na ɗaya ɓangaren kuma 40. Da lamba kaɗai zan bi, da na yarda da kai, domin gudan jini gudan jini ne, ko a cikin jijiya yake ko a waje. Wurin da yake shi ya raba gardama. Layin siriri ne, miƙaƙƙe, yana kwance daidai inda babbar jijiyar tsakiya ta hagu, wadda muke rubutawa MCA a rahoto, take bi, kuma bai bazu cikin lungunan da ke kewaye da ita ba. Wato toshiyar ce kanta ka gani da idonka. Da jini ne ya zuba a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa, da ya cika lungunan nan ya bi siffarsu kamar ruwa a kwalbati.

Ka tuna kuma na rage faɗin tagar, wato zangon HU da allo yake nunawa tsakanin baƙi da fari, daga WW 80 zuwa WW 40, na bar tsakiyarta, wato WL, a 40. A nan ne iyakar ɓawon insula ta hagu, wani sashe da ke lulluɓe a gefen ƙwaƙwalwa, ta ɓace, ya saje da naman da ke ƙarƙashinsa, tsagogin saman ƙwaƙwalwa na wannan gefen kuma suka matse saboda kumburi. Hagun majiyyaci yana hannun damanka a allo, kuma ƙwaƙwalwar hagu ita ke riƙe da ɓarin jiki na dama, don haka hoto da majiyyaci sun yi magana ɗaya. Idan aka sake ɗaukarsa bayan kwana guda, za ka ga duhu mai faɗi daga waje, tsukakke daga ciki, ya haɗa ɓawo da nama, ya tsaya a iyakar yankin da jijiyar take shayarwa. Zubar jini ba ta san wannan iyaka ba. Ta hawan jini, wadda muka fi gani, dunƙule take zama a can ciki, a futamen, ko talamus, ko gindin ƙwaƙwalwa, ko ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, ta ture abin da ke kusa, wani lokaci ta fashe cikin ramukan ruwa na ƙwaƙwalwa.

Akwai inda launi zai yaudare ka ta ɗaya fuskar, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Jinin da ya zuba yana dusashewa kullum, har bayan mako biyu zuwa uku ya saje da ƙwaƙwalwa, mu kuwa sau da yawa sai an gama jinya a gida ake kawo mana mutum. Haka nan wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, kamar mai sikila, sabon jininsa ma ba lallai ya yi fari ba, domin farin daga sinadarin jan jini yake fitowa. Don haka ka tambayi ranar da abin ya fara, ka duba sakamakon gwajin jini kafin ka buɗe baki. Fararen ɗigo biyu masu kama da juna a dama da hagu a ƙwaƙwalwar tsoho, waɗanda suka haura HU 100, taruwar alli ce kawai.

Abin da ya sa na tsananta maka jiya shi ne lokaci. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi, kuma sai an tabbatar babu zubar jini. Dattijon yana da sauran awa ɗaya da rabi, kalmarka guda da ta isa kunnen likita da ta hana shi maganin. Kuma yanka ɗaya ba ya isa a ce babu jini, sai ka bi su duka, daga gindin ƙoƙon kai har zuwa tsakar ka.