Na cire kuɗi tun Juma'a, har yanzu Pending yake nunawa

Tambaya: Salam malam. Ranar Juma'a da dare na danna cire dala 300 daga wata manhaja zuwa banki, yau Litinin har yanzu Pending nake gani kuma an zare kuɗin daga balas ɗina. Ranar Laraba ne na zuba 200 da kati, sannan akawun ɗin matata na sa don nawa yana da matsala. Dan Allah sun cinye ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka tukuna, zarewar da ka gani a balas ba tura kuɗin aka yi ba, ware su kawai aka yi gefe don kar ka sake kashe su kafin a gama duba buƙatarka. A yawancin manhajoji in ka ga Pending to kuɗin suna hannun kamfanin, in ya koma Processing an miƙa wa banki ko kamfanin da ke tura musu kuɗi, in kuma ya nuna Completed sun bar wajensu gaba ɗaya, daga nan lamarin na banki ne.

Kuma kwana ukun da kake lissafawa, a wajensu yau ne ma rana ta farko, domin hanyoyin tura kuɗi da yawa ba sa aiki Asabar da Lahadi, kuma suna da lokacin rufe aikin rana wanda duk abin da ya shigo bayansa sai ranar aiki ta gaba. In ta SWIFT za a turo daga wata ƙasa yakan ci kwana 1 zuwa 5 na aiki.

Amma gaskiya ba wannan ne ya fi damuna ba, akawun ɗin maiɗakinka ne. Kamfanonin nan doka ta hana halasta kuɗin haram ta ɗora musu sanin wanda suke biya, shi ya sa suka karɓi katin shaidarka da hotonka lokacin rajista, to yanzu na'urarsu ta ga sunanka a manhaja ta ga wani suna daban a banki, ita ba ta san mata da miji ba, abin da ta sani shi ne haka ɓarawon da ya sace akawun ɗin mutum yake yi, ya shiga ya sa sabon banki ya kwashe. Sai ta tsayar, ta jefa buƙatar cikin layin da ma'aikaci zai duba da idonsa, kuma wannan layin yana iya ɗaukar kwanaki. Ko da sunanka ne ma, sabon akawun ko canza kalmar sirri yakan sa wasu su riƙe cirewa na awa 24 ko 48.

Sai zancen dala 200 ɗin kati. Kuɗin kati kana ganinsu a balas nan take amma kamfanin bai gama karɓarsu ba, kuma mai kati yana da damar kai ƙara bankinsa ya ce ba shi ya biya ba a ƙwato masa, a Visa da Mastercard wannan damar takan kai kwana 120. Ka ga wanda ya zuba da kati Laraba ya nemi fitar da su Juma'a zuwa sunan wani, dole a tsaya masa. Da yawansu ma ƙa'idarsu ita ce kuɗi ya koma ta hanyar da ya shigo, wato 200 a mayar kan katinka, ragowar 100 ne kawai zai tafi banki.

Abin da na fi zato shi ne za ka ga Reversed ko Failed, 300 ɗin su dawo balas. Haka ake gani kuma idan lambar akawun ta yi kuskure, ko an rufe shi, ko kuɗin sun fi iyakar da bankin ya yarda ya shiga. In sun riga sun fita kafin banki ya ƙi karɓa, dawowar takan fi tafiyar jinkiri, wani lokacin har a cire caji a hanya.

Yanzu duba imel ɗinka har da Spam, sau da yawa sun nemi takarda mutum bai gani ba. In akwai maɓallin Cancel ka soke, ka gyara akawun ɗinka, ka sake cirewa da sunanka. Kar ka yi ta dannawa sau biyu sau uku, ƙara musu shakka kake. In za ka yi musu magana ka yi ta cikin manhajar, ka ba su lambar cirewar da rana da adadi, ka tambaye su kai tsaye: kuɗin sun bar wajenku ko a'a? In sun ce sun tura, nemi lambar shaidar turawa ka kai wa banki su bibiya.

Abu ɗaya ne zai sa na ce maka an cuce ka, shi ne in suka ce sai ka fara tura wani kuɗi, wai haraji ko kuɗin buɗe akawun, kafin su sake naka. Kamfanin gaskiya daga cikin kuɗin yake cire cajinsa. In ka ji wannan maganar kar ka ƙara musu ko sisi, ka ɗauki hoton duk hirarku, ka kira bankin da ya ba ka katin yau ɗin nan ka shigar da ƙorafi kan 200 ɗin.