Rabon kuɗin wuta a gidan haya: me zan rubuta wa 'yan haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da gidan hayar da mahaifinmu ya bari a Kano, sassa biyar ne, mitar kati guda ɗaya, ga injin jan ruwa. Kowane wata sai an yi cacar baki a kan kuɗin kati. Ina so in rubuta musu saƙo ɗaya da zai kashe maganar. Me zan ce, kuma ta yaya zan raba kuɗin ba tare da na zalunci kowa ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗin wuta a gidan da muke haya, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka tura saƙon tukuna. Zauna ka fitar da lissafin da saƙon zai ɗauka. Ɗan haya ba ya ƙin biyan abin da ya ga yadda aka yi aka samo shi. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne a ce masa kawo dubu kaza, bai san daga ina ta fito ba, alhali yana jin ƙarar firizar maƙwabcinsa dare da rana.

Kada ka raba daidai-wa-daida, kada kuma ka raba da yawan ɗakuna. Mita ba ta san ɗaki ba, ba ta san mutum nawa ke kwana a cikinsa ba. Abin da take ƙirgawa shi ne yunit, wanda za ka ga an rubuta kWh a fuskarta. Yunit ɗaya shi ne kayan da ke jan wat 1,000 ya yi awa ɗaya a kunne. Ƙwan lantarki na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit ɗaya, amma dutsen guga ko hitar dafa ruwa a awa ɗaya suke cinye shi. Saboda haka gida mai yara shida da ƙwai huɗu da fanka biyu zai iya shan wuta ƙasa da gwauro ɗaya mai na'urar sanyaya ɗaki. Ruwa kuwa akasin haka ne, yawan mutane ne ke shanye tanki: wanka, wanki, girki, alwala. Ka raba su gida biyu. Wuta ta bi abin da kowa ya ja, ruwa ya bi yawan kawuna.

Hanyar da ta kawo mana zaman lafiya ita ce ƙaramar mita a kowane sashe. Ana sayar da ita a shagunan kayan wuta, mai gyaran wuta ya ɗaura ta bayan babbar mitar, a kan wayar da ta shiga sashen. Ba ta taɓa mitar kamfani, ba ta rage ko sisi daga abin da za ku biya KEDCO, aikinta kawai ta nuna wa ya sha nawa. Ka sa a ɗaura su duka a allo ɗaya a soro, inda kowa zai iya tsayawa ya karanta tasa da ta maƙwabcinsa, cikin akwati mai gilashi da kwaɗo.

Bari in yi maka lissafin wata ɗaya, da adadi masu sauƙin bi. A ce cikin watan kun sayi katin naira 28,000, rasit ya nuna yunit 400. Ka raba kuɗin da yunit ɗin, ka samu naira 70 kowane yunit. Da wannan za ka yi aiki, ba da farashin da ka ji a rediyo ba, domin harajin kashi 7.5 cikin ɗari ya riga ya shiga ciki, kuma farashi ya danganta da rukunin layinku. Tun watan Afrilun 2024 masu Band A suke biyan sama da naira 200 a yunit, sauran rukunai ƙasa da haka sosai. Rasit ɗinka ne zai gaya maka gaskiyar gidanka.

Ranar ƙarshen wata ka karanta ƙananan mitocin, ka cire adadin watan jiya daga na yau. A ce sun nuna 110, 85, 60, 45 da 30. Jimla 330 ke nan, saura 70 daga cikin 400. Wannan 70 ɗin ita ce mutane suke ɗauka an sace, kuma a kanta aka fi yin rigima. Ba sata ba ce. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan yunit ɗaya a awa, idan ana kunna shi awa biyu kullum ya kai 60 a wata. Ƙwan soro da na tsakar gida su ci 'yan kaɗan, ragowar kuma ɗan abin da ke ɓacewa a waya ne da bambancin ƙirgen mitoci. Kuɗin 70 ɗin naira 4,900 ne. Idan mutanen gidan 20 ne, kowane kai ya tashi naira 245.

Yanzu duba yadda take kasancewa. Gwauron da mitarsa ta nuna 110 zai biya naira 7,700 na wuta da 245 na ruwa, wato 7,945. Magidanci mai mutum bakwai da ya sha yunit 60 zai biya 4,200 da 1,715, wato 5,915. Dattijuwar da ke zaune da jikoki biyu, mai yunit 30, za ta biya 2,100 da 735, wato 2,835. Da an raba daidai, kowa 5,600 zai bayar, kusan ninki biyu na abin da baiwar Allah nan ta sha. Irin wannan dattijuwar ce ta fi damuna a rabon daidai, domin ba za ta yi magana ba. Za ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo kuɗin ta miƙa, ta koma ɗaki ta kashe fankarta a tsakiyar zafi tana tsammanin hakan zai rage mata wani abu, kuma ba zai rage ba.

Idan kuɗin sayen mitocin bai samu yanzu ba, sai ku bi tsarin maki. Amma kada ka yi irin wanda ake ƙirga kowane soket da kowane ƙwai maki ɗaya, domin a nan ƙwai da dutsen guga sun zama ɗaya. Ka kimanta abin da kowane kaya ke ci a wata. Ƙwai mai wat 10, awa shida kullum, bai cika yunit 2 ba. Fankar sama mai wat 70, awa goma kullum, yunit 21. Hita mai wat 1,500, rabin awa kullum, ta haura 22. Firiza takan ci tsakanin 30 zuwa 45, ta mai sayar da ƙanƙara da zoɓo kuwa ta wuce nan, saboda kullum ana zuba mata ruwan da bai yi sanyi ba. Ka ce kowane yunit 10 maki ɗaya ne, ka tara makin kowane sashe, ka raba kuɗin da jimlar, kowa ya biya gwargwadon makinsa. Wat ɗin kowane kaya yana rubuce a bayansa ko a ƙarƙashinsa. Raunin tsarin shi ne ya dogara da gaskiyar mutane, hita kuwa ƙarama ce, tana shiga bokiti a ɓoye. Kuma dole a sake zagayen ƙirge sau biyu a shekara, shigowar zafi wajen Maris da shigowar hunturu wajen Nuwamba, don kayan da ake kunnawa suna canzawa. Ka tafi da mutum ɗaya daga cikin 'yan hayar, a yi sallama, a nemi izinin maigida kafin a shiga sashen matan aure.

Akwai abu biyu da za ka duba kafin ka ɗora wa kowa laifi. Na farko, tsohon bashi a kan mitar. Idan akwai shi, ana iya cire wani kaso duk lokacin da aka sayi kati, sai ka ga yunit ɗin ya gaza abin da kuɗin ya kamata ya saya. Rasit yana nuna wannan. Idan bashin ya girmi 'yan hayar da ke ciki yanzu, na masu gida ne, ku magada ku ɗauke shi, kuma ka faɗi haka a fili. Na biyu, wayar da ta zarce. A tsofaffin gidaje sau da yawa soket ɗin wani ɗaki yana kan layin maƙwabci, ko shagon waje yana ja daga ciki. Gwajin ba wuya: lokacin da akwai wuta, kowa ya kashe komai ya zare firji, ka tsaya ka kalli jar fitilar da ke ƙyaftawa a babbar mitar. Idan ta ci gaba da ƙyaftawa, wani abu na shan wuta da ba ku sani ba. Haka za ka gwada kowace ƙaramar mita ita ma, sai dai a nan mai sashen kaɗai zai kashe kayansa, sauran su bar nasu a kunne. Idan kuma ragowar nan ta 70 ta yi tsalle ta koma 120 ba a ƙara mutane ba, ka leƙa tanki ko yana ambaliya ko bututu ya fashe, domin injin ne ke ta aiki a banza.

Tunda kati kafin a sha ake biya, a watan farko kowa ya ba da kuɗin ajiya gwargwadon kimarsa, daga nan lissafin kowane wata ya riƙa mayar da abin da aka ci. Mutum ɗaya ne zai riƙa sayen kati yana lodawa. Wanda ya yi tafiya wata guda, mitarsa za ta nuna, a cire kansa daga kuɗin ruwa idan ya sanar tun kafin ya tafi.

Ga irin saƙon da zan tura da ni ne kai:

"Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana mazauna gidan nan. Daga ɗaya ga wata mai kamawa, kuɗin wuta zai koma bisa abin da ƙaramar mitar kowane sashe ta nuna. Za a karanta mitoci ranar ƙarshen wata bayan sallar La'asar a soro, duk mai so ya zo ya gani. Wutar injin ruwa da ƙwayayen waje za a raba ta bisa yawan mutanen kowane sashe. Kowane wata zan turo hoton rasit, da farashin yunit, da lissafin kowa. Tsohon bashin mita namu ne mu masu gida, ba zai hau kan kowa ba. Ana roƙon a biya kafin biyar ga wata. Wanda ya samu matsala ya same ni tsakanina da shi tun kafin ranar. Idan akwai gyara ko shawara, ina saurare har zuwa Juma'a. Allah ya bar zumunci."

Kafin ka tura, ka bi manyan gidan ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu da baki, musamman wanda kuɗinsa zai ƙaru, ka nuna masa lissafin a takarda. Wanda ya makara da biya kuma ka same shi shi kaɗai, kada ka sa sunansa a saƙon da kowa ke karantawa. Kuɗin sayen ƙananan mitocin, a ganina, ku masu gida ku biya, tunda a jikin bangonku za su zauna ko ɗan haya ya tashi.