Na Canza Kalma Ɗaya A Tarjamar Aya, Na Bar Sunan Malam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jos, ina rubuta maƙala a kan idda. Malaminmu ya ce in tsaya a kan tarjamar Alƙur'ani guda ɗaya, sai na ɗauki ta Malam Abubakar Gumi. A Baƙara aya ta 228 ya ce "tsarki uku", ni kuwa bayanina a kan jini uku ya ginu, sai na mayar da ita "haila uku" na bar sunansa a ƙasa. Ƙawata ta ce ba komai, tunda tarjama ba Alƙur'ani ba ce, kowa ya ɗebi wadda ta yi masa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kawo ma'anar aya da Hausa a rubutu halas ne, wannan ba sai mun tsaya ba. Inda hankalina ya tsaya, 'yata, shi ne cewarki "na bar sunansa". Wannan bai halatta ba. Kin sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, kuma ya rasu tun 1992, ba shi da bakin da zai ce ba haka ya rubuta ba. Ki mayar masa da kalmarsa kafin ki miƙa aikin.

Kalmar da kika taɓa kuwa ita ce ƙashin bayan maƙalarki. Lafazin ayar "ƙuru'i" ne, Larabawa suna kiran tsarki da shi, suna kiran haila da shi. Malik da Shafi'i suka ce tsarki, Abu Hanifa ya ce haila. Ɗauki macen da aka saka tana cikin tsarki. A wurin Malikiyya sauran wannan tsarkin ya zama na farko, da ta ga jini na uku idda ta ƙare. A wurin Hanafiyya sai jinin na uku ya ɗauke. Kwanakin da ke tsakani, a wurin ɗaya miji yana da ikon mayar da ita, in ya mutu ta ci gado. A wurin ɗayan ta riga ta fita hannunsa. Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki duka biyun, dole mai tarjama ya zaɓa.

Maganar ƙawarki rabinta gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. Lallai tarjama ba Alƙur'ani ba ce, fahimtar wani malami ce. To ai wannan hujja ce a kanta. Tunda fahimtar mutum ce, dole mai karatu ya san ta wane ce. Wanda ke tsintar aya nan, ya tsinci wata can, me yake auna zaɓinsa da shi? In Larabci ne, ya fito ya faɗi dalilinsa. In kuwa abin da ya dace da ra'ayinsa ne, ya gama yanke hukunci ke nan sannan ya je nemo masa shaida. Ga wata ɓarnar kuma: kalma ɗaya ta Larabci sai ta fito da fuska biyu a shafuka biyu, mai karatu ya ɗauka Alƙur'ani ne ya bambanta, alhali masu tarjama ne. Ban ce tsayawa kan tarjama ɗaya farilla ce ba. Ƙa'idar aiki ce mai tsare amana, kuma malaminku ya shardanta ta, sai ki cika. Karanta goma ma ba laifi, a rubutu ne ake riƙe ɗaya.

Ki faɗa tun a gabatarwa cewa duk tarjamar ayoyi ta Malam Gumi ce, bugu kaza, sai inda kika bayyana. A 228 ki kawo lafazinsa cif, sannan ki ce da bakinki kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu, ke kin bi ta haila saboda dalili kaza. In kin aro wata tarjamar a nan, ki ambaci mai ita. In taki ce, ki rubuta "tarjamata". Ba kowace aya ke son wannan ba, sai wadda hujjarki za ta rushe in kalmar ta canza.

Abin da ba ki tambaya ba: lambar aya. Mu da muka yi allo da Warshu, Baƙara 285 ce a mus'hafinmu, a na Hafsu 286. Ayar da kike kira 228, a na Warshu 226 ce. Ki faɗi ƙirgan da kika bi, kar ki gauraya. Kar kuma ki kwafo aya daga waya ba ki gwada ta da bugaggen littafi ba. Takardun gwajin da ke ɗauke da Larabcin ayoyi ki ƙone su ko ki adana, kar su ƙare a hannun mai ƙosai a Faringada.

In kuma wannan idda ba ta takarda kaɗai ba ce, ta shafe ki ko wata taki, kar a ƙirga kwanaki da tarjama. A je wa malami ko alƙali da ranar sakin da halin da ake ciki a ranar.

Wallahu a'alam.