Hoto ɗaya a shafi biyu: tallar haɗin gwiwa a Instagram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina girkin biki a Kano, ƙawata kuma tana ƙawata wurin taro. In na ɗora hoton aikinmu na saka sunanta, mabiyanta ba sa gani. Ta ce in ba ta lambar sirrin shafina ta riƙa ɗora mana. In ba ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba ta, ko da uwarku ɗaya. Tun 2021 Instagram ya fito da abin da kuke nema, sunansa Collab.

Saka suna a jikin hoto ba ya kai shi gaban mabiyanta. Yana maƙalewa ne a wani lungu na shafinta da ba kowa ke leƙawa ba. Da Collab kuwa, hoton zai fito a shafukanku biyu da sunayenku a sama, sharhin mutane ya taru wuri ɗaya.

A ce kun yi walima a Tarauni, ta shirya teburi, ke kin jera abinci. Ki zaɓi hoton da ya nuna aikin kowa, wato farantan abincinki a kan teburin da ta yi wa kwalliya. In wayarta ce ta ɗauka, ta turo miki ta WhatsApp a matsayin Document, don turawar yau da kullum tana rage kyan hoto. Kafin ki danna Share, ki shiga Tag people, ki zaɓi Invite collaborators, ki nemo sunanta. Gayyata za ta shiga akwatin saƙonta, kuma har sai ta danna Accept sannan hoton zai bayyana a wurinta. Yawancin masu cewa abin bai yi ba, a nan suka tsaya. Ku tabbata shafukanku a buɗe suke ga kowa.

Sai dai ki sani, wadda ta ɗora ita ce mai hoton. In ta goge shi, ya tafi daga shafukan biyu har da sharhin. Ɗayar kuwa iyakarta ta cire kanta. Shi ya sa nake ganin ku riƙa karɓa-karɓa: wannan bikin ke, na gaba ita. Kuma ku nemi izinin masu biki kafin fuskar amarya ta fito.

Abin da ke ɓata irin wannan zumunci shi ne gardamar wa ya kawo kwastoma. Adireshin da aka rubuta a ƙasan hoto ba ya dannuwa, don haka ki ba ta wannan ta saka a Story ɗinta da alamar Link:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Daga%20mai%20kwalliya
```

A gurbin X ki sa lambarki ba tare da sifirin farko ba. Wanda ya danna, WhatsApp zai buɗe masa hira da ke, "Daga mai kwalliya" na rubuce, saura ya tura. Wasu za su goge rubutun, saboda haka ki riƙa tambayar sabon kwastoma inda ya gan ki. Ita ma ta haɗa nata da lambarta, ki saka a naki.