Yadda za ka aika wa kanka saƙo kowace safiya

"'Yan uwa, ni tela ne a Daura. Ina so in rubuta wa kaina saƙon ƙarfafa gwiwa ya riƙa shigo mini kullum da safe kafin in fita shago. Ya ake yi?"

Malam, Telegram ya fi sauƙi. Shiga Saved Messages, wato wurin da kake tura wa kanka saƙo, rubuta saƙon, sai ka danne alamar turawa, kar ka saki, har Set a Reminder ya fito. Zaɓi rana da lokaci. Yana karɓar saƙo 100 a jere, kuma ba a wayarka yake ajiye su ba, don haka ko caji ya ƙare cikin dare, kana kunna waya da data za ka tarar da shi. Duba AM da PM da kyau, nan ake yawan zamewa, saƙon safe ya shigo bayan magariba.

Sa shi 6:15, bayan ka dawo masallaci ka gama azkar. In kuma yana shigowa shiru ba ƙara, yawanci wayar ce ke kashe manhajar don tattalin batir. Shiga Settings na wayar, ɓangaren Battery, ka cire Telegram daga waɗanda ake takurawa.

Amma inda abin ya fi lalacewa wajen rubutun ne. Kar ka jera na wata uku a zama ɗaya. Wanda zai karanta nan da wata uku ba ka san halin da yake ciki ba, ƙila ɗinkin da kake magana a kai an daɗe da karɓa. Zauna ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka rubuta guda bakwai, kowanne da ranarsa, littafin awo na gabanka. Kuma kar ka maimaita saƙo ɗaya, ido na sabawa da shi. Alamar hakan ita ce ka share sanarwar ba ka buɗe ba.

Layi uku sun isa: abin da ka riga ka cimma, aiki ɗaya na yau, da dalilinsa. Misali na Talata: "Makon jiya ka sallami kaya biyar a kan alƙawari. Yau yanka shaddar bikin nan kafin azahar, tun da sauran wuta. Daga nan kuɗin makarantar yara zai fito." Ka ga wannan ya fi "ka dage, za ka yi nasara", don yana gaya wa hannunka abin da zai kama.

Ina roƙonka, ban da faɗa a ciki. Mutumin da ya kwana a kan keke saboda ɗinkin Sallah, ya tashi ya tarar da "kai malalaci ne", rufe wayar zai yi. Yi masa magana kamar ƙanenka da kake ji da shi. In Juma'a ta zagayo, duba waɗanda ka aikata. Wanda ya gagara, aikin ne ya yi yawa, raba shi kwana biyu a mako mai zuwa.